Imel Ya Kulle, Layi Ya Ɓata: Shaidun da Google Ke Saurara

A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, da takwarorinta na Kaduna ko Sakkwato, akwai wani ɗan aiki da ake yi bayan an gama ciniki. Mai saye ya biya kuɗin sabuwar waya, sai ya miƙa wa yaron shago ya ce a buɗe masa ita. Cikin minti biyar yaron ya ƙirƙiri adireshin Gmail, ya laƙaba masa kalmar sirri, ya sa lambar layin mai wayar, wani lokacin ma tasa lambar don sauri, ya sauke WhatsApp da Facebook, a yi sallama. Mai waya ya tafi da murna, bai rubuta komai ba, bai kuma tambayi komai ba.

Shekaru na iya wucewa ba a sake waiwayar wannan kalmar sirri ba, domin waya ba ta tambayarta kullum. Ranar da za a neme ta ita ce ranar da wayar ta faɗa ruwa ko aka zare ta daga aljihu. A ranar ne mutum zai gane cewa lambobin mutanensa, hotunan iyalinsa, ajiyar hirarrakinsa na WhatsApp, da saƙonnin banki ko na JAMB duk suna ɗaure da adireshin nan guda. Idan layin da aka sa a ciki yana nan, abin mai sauƙi ne: Google ya turo lamba shida ta saƙo, a shigar, a zaɓi sabuwar kalmar sirri. Idan kuwa layin ya tafi tare da wayar, ko an daɗe da yar da shi, to an shiga wata shari'a ta daban.

Kotun da babu alƙali a zaune

Abu na farko da ke ɗaure wa mutane kai shi ne babu wanda za a kira. Kamfanin Google da kansa ya rubuta a shafinsa na taimako cewa ba a kiran sa ta waya don neman shiga akawun, kuma ba ya aiki da duk wani mai da'awar yana dawo wa mutane kalmar sirri. Babu ofishin da za a kai katin ɗan ƙasa a ce ga ni, ni ne mai adireshin. Dalili kuwa a fili yake: ranar da aka buɗe akawun ɗin ba a karɓi katin kowa ba, saboda haka babu abin da za a gwada katin da shi.

Wannan taurin kai yana da tarihi. A watan Satumba na 2008 wani ɗalibin jami'a mai suna David Kernell ya shiga imel ɗin Yahoo na Sarah Palin, wadda a lokacin take takarar mataimakiyar shugaban Amurka. Bai fasa wata na'ura ba. Cewa kawai ya yi ya manta kalmar sirri, aka tambaye shi ranar haihuwa, lambar gidan waya ta unguwa, da inda ta haɗu da mijinta, ya binciko amsoshin a intanet, ƙofa ta buɗe. A watan Agusta na 2012 kuma aka yi wa ɗan jaridar mujallar Wired, Mat Honan, abin da ya fi wannan muni. Ɓarayin sun kira ma'aikatan Amazon da na Apple ta waya, suka yi musu daɗin baki da 'yan bayanan da suka tsinta, suka karɓe akawun ɗinsa na Apple, daga nan suka faɗa Gmail ɗinsa, suka goge wayarsa da kwamfutarsa daga nesa. Darasin da kamfanonin suka ɗauka shi ne, ma'aikacin da ke iya jin tausayin mai gaskiya yana iya jin tausayin ɓarawo ma, tunda labarin da suke bayarwa iri ɗaya ne: na manta, wayata ta ɓata.

Tambayoyin sirri irin na da ma sun sha ƙasa. Wani bincike da Google ya fitar a 2015 ya nuna cewa a zato ɗaya tak, maharin na da damar kusan kashi 20 cikin 100 ta cankar abincin da mai jin Turanci ya ce ya fi so, alhali kusan kashi 40 cikin 100 na masu jin Turanci a Amurka sun kasa tuna amsar da su da kansu suka bayar. Abin da ɓarawo ke canka mai gida kuma ya manta ba makulli ba ne, don haka aka daina dogaro da shi.

Abin da ya maye gurbin waɗannan shi ne na'ura mai auna shaidu. Mutum ya je shafin `g.co/recover`, ko ya danna "Forgot password?" a wurin shiga, na'urar ta fara tattara hujjoji. Wasu tana tambaya a fili: kalmar sirri ta ƙarshe da aka tuna, lambar da aka tura wani adireshin imel na ajiya. Wasu kuwa a ɓoye take dubawa ba tare da ta ce uffan ba: wace waya ce ake amfani da ita, an taɓa shiga wannan akawun da ita? Daga wane gari ake nema, ta wace hanyar intanet? Waɗannan shaidun na ɓoye su ne mafi yawan mutane ba su san da su ba, kuma su ne suka fi yi wa wanda layinsa ya ɓata rana.

Misalin wata malama

A ɗauki misalin wata malamar firamare, ba wata takamaimiya ba, irin wadda kowane mai gyaran waya ya sha gani. An zare mata waya a cikin adaidaita sahu. Yaron shago ne ya buɗe mata Gmail shekara bakwai da suka wuce, da layin da take riƙe da shi a lokacin, wanda ta daina sakawa a waya tun shekara biyu baya. Yanzu tana jiran saƙon wata ɗaukar aiki da ta cike da wannan adireshin.

Washegari ta nufi kafe. Mai kafe ya buɗe shafin, ya rubuta adireshin, ya danna "Forgot password?". Aka nemi tsohuwar kalmar sirri, ta ce ba ta sani ba, ya tsallake. Aka ce za a tura lamba zuwa layin da ya ƙare da wasu lambobi biyu da ta gane na tsohon layinta ne. Ya danna "Try another way". Daga nan sai ga "Couldn't sign you in". Ya maimaita sau shida, amsa ɗaya. Ya juyo ya ce, "Malama, sai dai haƙuri, a buɗe miki sabo."

A duba abin da idon na'urar. Kwamfutar da ba ta taɓa gani ba, wadda mutane da dama suka shiga akawun daban-daban da ita a ranar, tana neman wani akawun, ba ta san tsohuwar kalmar sirri ba, ba ta da layi, tana kuma ta bugun ƙofa ba ƙaƙƙautawa. Da ɓarawon wayar ne ya zauna a kujerar, da abin da na'urar za ta gani ke nan daidai. Kafe, da wayar maƙwabci, da sabuwar wayar da aka ɓare daga kwali jiya, su ne wurare mafi rauni da za a kai wannan ƙara.

Shaidar malamar tana gida ba ta sani ba. Kafin wayar da aka sace, ta yi amfani da wata tsohuwa mai fasasshen gilashi, wadda ke cikin durowa yara na wasa da ita. Waya irin ta Android, da zarar an shiga akawun da ita sau ɗaya, takan riƙe wani izini na cikin gida da ke ba ta damar ci gaba da shiga ba tare da an sake rubuta kalmar sirri ba. Wannan izinin yakan daɗe muddin ba a canja kalmar sirrin ba, ba a fitar da akawun daga wayar ba, ba a kuma goge wayar ba. Malama ta sa ta a caji, ta jona ta da data a ɗakinta, ta buɗe Gmail, saƙonni suka fara zubowa, har da wanda take jira.

Karanta saƙo daban, mallakar akawun daban. Har yanzu ba ta san kalmar sirrin ba, kuma ranar da wannan tsohuwar wayar ta cika, an koma gidan jiya. Don haka a kan wannan wayar, a cikin wannan ɗakin, ya kamata ta shigar da ƙararta. Za ta shiga Settings, ta zaɓi Google, sannan "Manage your Google Account", sannan Security, ta taɓa Password. Za a nemi ta tabbatar ita ce. Wani lokacin makullin fuskar wayar kawai ake nema, wato zanen yatsa ko lambobin da ake buɗe ta da su. Idan tsohuwar kalmar sirri aka nema, sai ta danna "Forgot password?" a nan ɗin. Tunda wayar sananniya ce, sau da yawa tambayar takan faɗo a fuskarta, ana cewa ke ce kike ƙoƙarin dawo da akawun ɗinki, ta danna "Yes", in an nuna wata lamba ta zaɓi mai kama da ita. Daga nan a ba ta wurin rubuta sabuwar kalmar sirri.

Sauran aikin biyu ne, kuma a zama ɗaya ake yin su. Ta cire tsohon layi daga "Recovery phone" ta sa wanda ke hannunta. Sannan ta shiga "Your devices" ta nemo wayar da aka sace ta danna "Sign out". Akwai wani sharaɗi da ya kamata ta sani: bayan an canja lambar, Google na iya ci gaba da tura lambobin tabbatarwa zuwa tsohon layin har kwana 7. An yi haka ne don kare wanda ɓarawo ya shigar masa akawun ya sauya lamba, amma ga malama ma'anarsa ita ce ta riƙe tsohuwar wayar nan da kyau, kada ta fita daga akawun a kanta, har makon ya cika.

A nan ne ake yin kuskuren da ya fi kowanne tsada. Mutum ya ga waya na ba shi wahala, ya kai wa mai gyara, a ce sai an yi mata filashin. Filashin yana share izinin nan da wayar ke riƙe da shi, wato an kashe babban mai shaida da hannu. Bai tsaya nan ba. Tun daga Android 5.1 da ya fito a 2015, wayar da aka goge ta ƙarfi ba tare da an fara cire akawun ba takan ƙi buɗewa sai an shigar da adireshi da kalmar sirrin Google ɗin da ke kanta a da. An yi wannan kariya ne don wayar sata ta zama ba ta da amfani, amma ba ta bambance ɓarawo da mai mantuwa. Sai mutum ya wayi gari ya rasa imel, wayar ma ta kulle.

Kwamfuta ma shaida ce. Wanda ya taɓa buɗe imel ɗinsa a kwamfutar ofis ko ta gida ya duba ta kafin komai. Wataƙila har yanzu akawun ɗin a buɗe yake. Wataƙila kuma burauzar ta adana kalmar sirrin, a same ta a rubuce a sashen Passwords na Chrome ko Firefox, shari'a ta ƙare ba a shiga kotu ba.

Layin da ya ɓata bai cika ɓata ba

Kafin a yi nisa da Google, akwai tambayar da ya kamata a fara yi: shin layin ya tafi ne har abada? Ƙaramin katin sim ne ya ɓata, lambar kuwa tana rumbun kamfanin sadarwa. A Najeriya ana zuwa ofishin kamfanin a yi abin da aka fi sani da walkam bak, a ba mutum sabon sim mai tsohuwar lambarsa. Tun da aka fara haɗa layuka da lambar NIN a watan Disamba na 2020, wannan lamba ita ce ginshiƙin aikin. Akan ɗauki hoton fuska ko zanen yatsa a gwada da na rajista, akan tambayi lambobin da aka fi kira da kuɗin katin da aka sa na ƙarshe, kuma idan babu kwalin sim ɗin akan nemi takardar rantsuwa daga kotu. Ga wanda aka sace wa waya jiya, wannan ita ce gajeriyar hanya. Yini ɗaya a layin jira ya fi mako biyu ana kokawa da shafin Google, ga shi kuma yana rufe wa ɓarawo hanyar karɓar saƙonnin banki.

Abu biyu ke toshe wannan hanya. Na ɗaya, layin da aka yi wa rajista da sunan wani: miji, yaya, ko mai sayar da sim a bakin titi. Kamfani mai rajistar ya sani, ba mai riƙon ba, don haka sai an je da shi. Na biyu, lokaci. A ƙa'idar hukumar sadarwa ta NCC, layin da ya yi wata shida ba a yi wani abin kuɗi da shi ba akan dakatar da shi, idan ya ƙara wata shida a haka kamfani na iya mayar da lambar kasuwa. Layin malama da ya shekara biyu a ajiye, mai yiwuwa yanzu yana aljihun wani a wani gari.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin sabon mai layin shi ne zai riƙa karɓar lambobin tabbatarwa. A 2021 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Princeton, Kevin Lee da Arvind Narayanan, sun gwada lambobin waya 259 da kamfanonin Amurka suka sake sa wa a kasuwa, suka tarar 171 daga ciki har yanzu suna ɗaure da akawun ɗin tsofaffin masu su a manyan shafuka. A Amurka aka yi binciken, amma tsarin sake sayar da lamba iri ɗaya ne.

Wasu kan kira tsohuwar lambar tasu su roƙi wanda ya ɗauka ya karanto musu lambar da za ta shigo. Akan dace. Sai dai a tuna cewa wannan roƙon, kalma da kalma, shi ne wanda 'yan damfara ke yi don sace WhatsApp ɗin mutane, saboda haka wanda ya ƙi bai yi laifi ba, hankali ya yi. Kuma mai roƙon ya sanar da baƙo cewa akwai akawun da ke rataye da layinsa. Idan dole sai an bi wannan hanya, gara a haɗu ido da ido, a yi abin a gabansa, a cire lambar nan take.

Idan babu waya, babu layi

Saura wanda ba shi da tsohuwar waya a durowa, layin kuma ya zama na wani. Damarsa ta ragu, amma ba ta ƙare ba, kuma yadda ya gabatar da kansa yana da tasiri.

Ya nemi na'urar da ta fi kusa da tarihin akawun ɗin, ko da wayar matarsa ce da ya taɓa duba saƙo a kai sau ɗaya. Ya zauna a inda ya saba shiga, gida ko wurin aiki, da irin hanyar intanet da ya saba. Idan akwai VPN a wayar, ya kashe shi, domin yana sa mutumin Zariya ya bayyana kamar yana Jamus.

Sai batun tsohuwar kalmar sirri, inda mutane ke saurin cewa ba su sani ba. Shawarar Google ita ce kada a tsallake tambaya, a rubuta zato mafi kusa. Ba lallai sai ta ƙarshe ba, wadda aka taɓa amfani da ita a baya ma tana da nauyi, ko da yake ta baya-bayan nan ta fi. Kuskure ba ya korar mutum daga neman. Wanda yaron shago ya buɗe wa akawun ya yi tunanin abin da mai sauri zai rubuta: lambar wayar kanta, ko suna haɗe da shekarar haihuwa, ko suna da 1234. Google ba ya karɓar kalmar sirri da ta gaza harafi 8, kuma yana bambance babban baƙi da ƙarami, don haka a gwada sunan da babban harafin farko, a kuma gwada da ƙarami. Idan shagon na nan, a koma a tambaya. Masu wannan aiki da yawa suna da salo guda da suke yi wa kowa, abin da ya isa ya tayar da hankalin duk wanda bai taɓa canja tasa ba.

Idan shafin ya nuna wani adireshin imel da aka rufe tsakiyarsa da taurari, wannan shi ne imel na ajiya. A tsaya a kalli haruffan farko da kyau. Sau da yawa na ɗa ne, ko na ƙane, ko tsohon Yahoo da aka manta. Lambar da aka tura can tana iya buɗe ƙofa ita kaɗai. Wanda kuma ya taɓa kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ya binciki takardunsa ko akwai jerin lambobin ajiya da Google ke bayarwa: guda 10 ne, kowace mai lamba 8, kowace sau ɗaya take aiki.

Wani lokacin na'urar ba ta cewa e ko a'a nan take. Sai ta nemi wani adireshi da za a tuntuɓi mutum, ta ce ya jira. Jiran na iya zama 'yan awanni, yana iya zama kwanaki, kuma ga akawun mai tabbatarwa ta mataki biyu Google ya ce yakan ɗauki kwanakin aiki 3 zuwa 5. Jinkirin da gangan ne. A cikinsa ake aika gargaɗi zuwa duk wayoyi da adireshin da ke haɗe da akawun, domin idan ɓarawo ne ke nema, mai gaskiya ya samu damar hanawa. Alama ce mai kyau, domin tana nufin ba a kori ƙarar ba. Abin yi shi ne a bar ta ta yi aikinta, a riƙa duba adireshin da aka bayar har da akwatin Spam, maimakon a tashi sabon nema kowace awa. Google ya ce babu iyaka ga yawan gwaji, amma bugun ƙofa a jere yakan jawo "Too many failed attempts", a dakatar da mutum na wani lokaci. Idan an ƙi yau, a sake gwadawa bayan kwana ɗaya ko biyu da sabuwar hujja: wata wayar, wani wurin, wata kalmar da aka tuno. Maimaita amsar jiya daga kujerar jiya ba ya sauya hukunci.

Masu adireshin Outlook ko Hotmail tasu hanyar ta ɗan bambanta. Microsoft na da fom a `account.live.com/acsr` da ke tambayar abin da ke cikin akwatin: kanun saƙonnin da aka aika kwanan nan da adireshin mutanen da aka aika wa. Dabarar ita ce a kira 'yan'uwa da abokan aiki su karanto ainihin kanun saƙonnin da suka samu. Ana iya cikewa sau biyu a rana, amsa takan zo cikin awa 24, amma fom ɗin ba ya aiki ga wanda ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu.

Masu jiran wanda ya faɗi

Duk wanda ya rubuta a Facebook cewa imel ɗinsa ya kulle zai ga baƙi sun yi masa caa, kowa na nuna masa wani gwani da zai buɗe cikin awa ɗaya. Wanda ya bincika lambar wayar Google a intanet ma zai samu lambobi, kuma za a ɗauka. Babu ɗayansu da ke da wata ƙofa ta baya. Shafin da mai akawun ke gani shi ne suke gani, da ƙarancin shaida ma, tunda na'urarsu baƙuwa ce. Abin da suke so kuɗin somin-taɓi ne, ko hoton katin banki, ko a karanto musu wata lamba da ta shigo, wadda galibi ta WhatsApp ce ko ta banki. Mai gyaran waya na gari yana iya taimakawa da karanta Turancin da ke fuskar waya da nuna inda za a danna, kuma wannan taimako ne na gaske. Wanda ya ce zai fasa Gmail kuwa, ko dai ƙarya yake yi ko kuma laifi yake tallatawa.

Dole kuma a faɗi abin da ba a son ji. Akwai akawun da ba sa dawowa. Idan babu na'urar da ta san shi, babu layi, babu imel na ajiya, babu kalmar da aka tuna, to na'urar ba ta da abin da za ta bambance mai shi da kowa, kuma an gina ta ne ta gwammace hana mai gaskiya a kan bai wa ɓarawo. A irin wannan hali, makonnin da za a ɓata ana gwaji gara a kashe su wajen raba sauran rayuwa da mataccen adireshin. Banki yana canja imel da fom a reshe, tunda shi ya san fuskar mutum da BVN ɗinsa. Makaranta da wurin aiki ma haka. Facebook da sauran shafukan da har yanzu suke a buɗe a waya, a sauya musu adireshi tun kafin su ma su nemi lambar tabbatarwa.

Wanda ya samu ya koma ciki, ko wanda bai taɓa fita ba, aikin da ke gabansa bai fi minti goma ba. Ya buɗe Security ya karanta lambar da ke "Recovery phone", ya tambayi kansa ko wannan layin yana cikin wayarsa yanzu, kuma da sunansa aka yi rajistarsa. Ya sa imel na ajiya na wani amintacce a gida wanda ke buɗe nasa a kai a kai. Idan ya kunna mataki biyu, ya kwafe lambobin ajiyar nan 10 da biro a takarda, ya sa inda yake ajiye takardun makaranta ko na fili, ba a cikin wayar da za a iya sacewa ba.

Wanda kuma ya ce zai bari sai ya samu sarari ya nemi tsohon akawun ɗinsa, ya san cewa akwai wa'adi. Tun daga 1 ga Disamba, 2023, Google ya ba kansa damar goge duk akawun na mutum ɗaya da ya shekara 2 ba a shiga ba, da saƙonninsa da hotunansa da abin da ke Drive. Gargaɗin da ake aikawa kafin gogewar yana zuwa ne adireshin da ya kulle da imel na ajiya, idan akwai. Adireshin Gmail da aka goge kuwa ba a sake bai wa kowa shi, har da mai shi na asali.